ƘASHIN TSOFAFFI: ME YA SA ƘARAMAR FAƊUWA TAKE KAWO KARAYA?

Wannan shi ne bayanin da aka yi ma ɗaliban yaƙi da jahilci, maza da mata, a ranar zancen kiwon lafiya. An rubuta shi don a karanta a cikin aji, a kuma karanta ma tsofaffi a gida.



Yaro yakan faɗo daga kan jaki, ya tashi ya kaɗe ƙura ya ci gaba da wasa. Amma kakarsa, santsi kawai zai ɗauke ta a bakin randa, ta zauna da ƙarfi, sai a ce ta karye. Mutane sukan ce tsautsayi ne, ko tsufa ne. Tsufa yana ciki, amma akwai ciwo a ƙarƙashinsa. Ciwon yana cin ƙashi daga ciki shekara da shekaru, ba zafi, ba kumburi, ba zazzaɓi. Likitoci suna ce mashi ostiyoforoz, ma'anarsa ƙashi mai huji-huji. A nan za a kira shi zaizayar ƙashi.

ƘASHI ABU NE MAI RAI

Da yawa suna zaton ƙashi kamar dutse yake, in ya gama girma shi ke nan. Ba haka ba ne. Ƙashi yana da jini, yana cin abinci, kuma kullum ana gyaransa. A cikinsa akwai ma'aikata iri biyu, ƙanana ƙwarai, ido ba ya ganinsu. Na farko aikinsu kankare tsohon ƙashi. Na biyu suna bin bayansu suna cike gurbin da sabo. Kamar katangar ƙasa ce: damina ta zaizaye ta, in rani ya yi mai gida ya kwaɓa ƙasa ya yaɓe. Da wannan aikin, cikin wajen shekara 10 kusan duk ƙashin mutum ya sabunta.

Abin da ake yaɓen da shi sunansa kalsiyom. Daga abinci yake zuwa. Babban mutum yana ɗauke da wajen kilo 1 na kalsiyom a jikinsa, kuma kusan dukansa yana cikin ƙashi da haƙora.

Tun daga haihuwa har wajen shekara 30, masu yaɓe sun fi masu kankara ƙarfi. Ƙashi yana ta ƙara nauyi da ƙwari. Daga nan sai su yi kunnen doki na ƴan shekaru. Bayan shekara 40 masu kankara suna fara rinjaye kaɗan kaɗan, ga namiji da mace duka. Abin da mutum ya tara a ƙuruciya, shi zai ci a tsufa.

In kun taɓa fasa ƙashin saniya a bakin gaɓa, kun ga cikinsa kamar soso ne, zare-zare sun sarƙe da juna. Na mutum ma haka yake. Idan zaizaya ta kama shi, zaren yana sirancewa, wasu su tsinke, hujin ya yi faɗi. Daga waje ƙashin yana nan da girmansa. Ciki ne ya zama fanko, kamar azarar da gara ta ci.

ME YA SA MATA SUKA FI KAMUWA?

Muddin mace tana ganin jinin al'ada, jikinta yana yin wani sinadari mai suna istirojin. Daga ƙwayayen haihuwa yake fitowa. Ban da aikin haihuwa, yana da wani aiki: shi ne yake riƙe linzamin masu kankarar ƙashi, ya hana su wuce gona da iri. Yawancin mata jinin yana ɗauke masu tsakanin shekara 45 da 55. A lokacin sinadarin yana raguwa sosai. Linzami ya saki. Masu kankara sai su yi ta aiki, masu yaɓe su kasa cim masu.

Ga lissafi mai sauƙi. A ce ƙashin mace rumbu ne mai tiya 100 na hatsi. A shekarun da jini yake ɗaukewa, wajen tiya 2 ke fita kowace shekara ba a mayar ba. Cikin shekara 5, tiya 10 sun tafi. Ga wasu matan ya fi haka. Daga baya abin yana lafawa, ya koma tiya 1 ko ƙasa da haka a shekara, amma ba ya tsayawa. Kafin ta kai shekara 70, tana iya rasa kashi ɗaya cikin huɗu na rumbun. Wadda jininta ya ɗauke da wuri, kafin shekara 45, ta fi daɗewa cikin asarar. Haka ma siririyar mace, da wadda uwarta ko ubanta ya taɓa karyewa a ƙugu.

Namiji ba shi da wannan faɗuwar ta lokaci guda, kuma ƙashinsa ya fi kauri tun farko. Amma shi ma yana raguwa. Tsoho mai shekara 70 ko 80 yana karyewa kamar tsohuwa, musamman mai shan taba ko giya.

Wasu mata sukan tambaya ko shayarwa ce take cinye masu ƙashi. Gaskiya ne mai goyo tana ba jariri kalsiyom daga jikinta, ƙashinta ya ɗan ragu. Amma bayan yaye jiki yana mayar da shi. Kada wannan zancen ya sa wata ta hana ɗanta nono.

Wani abu kuma. Ciwon gwiwa da tsofaffi ke kuka da shi, wanda ake ce ma sanyin ƙashi, wani ciwo ne dabam, na gaɓoɓi. Zaizayar ƙashi ba ta yin zafi sai ranar da ƙashin ya karye.

WURI UKU DA SUKA FI KARYEWA

Na farko wuyan hannu. Mace ta yi tuntuɓe, ta kai hannu ƙasa don ta tare, sai ya karye. Wannan yakan zo da wuri, tana da shekara 50 da wani abu ko 60, tana cikin ƙarfinta.

Na biyu ƙashin baya. Shi ba ya karyewa gida biyu. Ƙananan ƙasusuwa ne a jere, ɗaya bisa ɗaya. Idan ɗaya ya yi fanko sai ya lotsa, ya danne. Ba sai an faɗi ba: ɗaga tulu, ko sunkuyawa da kaya, ko girgizar mota a mummunar hanya sun isa. Wata takan ji zafi mai tsanani a tsakiyar baya na wasu makonni. Wata ba ta jin komi. Cikin uku, wajen biyu ba a gane su. Abin da za a gani shi ne tsohuwa tana gajarta, bayanta yana ranƙwafawa. Idan uwar da kuka sani doguwa ta rage tsawo da santimita 4 ko fiye, wato wajen faɗin yatsa biyu zuwa uku, to da alama wani ƙashin bayanta ya lotsa. Amma ku kula: ciwon baya mai tafe da zazzaɓi, da rama, da zufar dare, yana iya zama tarin fuka ne ya shiga ƙashi. Wannan maganinsa dabam ne, kuma ba ya jira.

Na uku ƙugu, kuma shi ne mai kisa. A kansa za a daɗe.

MISALIN WATA TSOHUWA

Mu ɗauki misalin tsohuwa mai shekara 68. Jininta ya ɗauke tana da 47. Tana da 60 ta faɗi a hanyar rijiya, wuyan hannunta ya karye. Maɗori ya ɗora, ya warke da ɗan karkata, kowa ya manta. Ba wanda ya ce mata wannan karayar gargaɗi ce. Alhali wanda ƙaramar faɗuwa ta karya sau ɗaya, hatsarin ya sake karyewa ya ninka wajen sau biyu.

Wata rana da asuba ta fito za ta yi alwala. Akwai duhu. Ƙafarta ta harɗe da igiyar akuya, ta faɗi a kan gefenta na dama. Ta yi ƙoƙarin tashi ta kasa. Ɗanta ya zo da gudu ya ce: "Inna, ina ne ke ciwo?" Ta nuna matsematsinta, ta ce: "Nan ne, ɗan nan, har gwiwa nake jin shi."

Ga abin da ya kamata ɗan ya duba, tana kwance rigingine. Ya dubi ƙafafun biyu tare. Ta daman ta fi ta hagu gajarta. Tafin ƙafar ya kwanta ya juya waje. Ba ta iya ɗaga diddigenta daga ƙasa. Waɗannan alamu sun isa. Ƙashin cinya ne ya karye can sama, a wuyansa, inda yake shiga cikin ƙugu. Sau da yawa ba a ganin kumburi ko rauni, shi ya sa mutane ke cewa targaɗe ne ko gocewa.

Wani lokacin ƙashin tsagewa kawai yake yi bai rabu ba. Ƙafar ba ta gajarta, tsohuwa tana iya ɗingisawa da sanda. Idan bayan faɗuwa tana jin zafi a matsematsi duk lokacin da ta taka, a ɗauka karaya ce har sai hoto ya nuna ba ita ba ce. In ta ci gaba da takawa, tsagar tana iya rabewa.

Maƙwabta suka taru. Wani ya ce a ja ƙafar ta koma. Wata ta ce a gasa da ruwan zafi a murza. Wani ya ce a kira maɗori. Ja da murza ba sa gyara komi, sai ƙara zafi da ɓarna. Maɗori kuwa, ba raina aikinsa ake yi ba, amma wannan wurin ya fi ƙarfin karan ɗori. Karayar tana can cikin nama mai kauri, kara ba ya kama ta. Kuma jijiyoyin jinin da ke ciyar da kan ƙashin ta wuyan nan suke bi. In wuyan ya karye ya goce, jinin yana iya yankewa, kan ƙashin ya mutu. Ko an yi wata shida ana jira, ba zai haɗu ba.

Abin yi shi ne a samo ƙyaure ko faffaɗan katako, a shimfiɗa bargo. A sa zane a naɗe tsakanin ƙafafunta, a ɗaure ƙafafun biyu tare a hankali, mai lafiyar ta tallafi mai ciwon, ba tare da an tilasta ma ƙafar ta miƙe ba. Mutum uku ko huɗu su ɗaga ta lokaci guda. A ba ta farasetamol in akwai. A amalanke ko a mota, a kwance za ta tafi, ba a zaune bayan babur ba. A tafi ranar, kada a ce sai ranar kasuwa.

A ƙaramin gidan likita za a rage mata zafi, a ba da takarda zuwa babban asibiti inda ake ɗaukar hoton ƙashi kuma akwai likitan fiɗa, kamar na Yamai, Damagaram, Maraɗi ko Tawa. Aikin iri biyu ne. Ko a haɗa ƙashin da ƙusoshin ƙarfe, ko a cire kan ƙashin a sa na ƙarfe a madadinsa. An fi son a yi shi cikin kwana ɗaya ko biyu. Bayan aiki ba a barin ta kwance. Da zarar likita ya yarda, sau da yawa tun washegari, ana zaunar da ita, a tsayar da ita, ta fara taku da abin dogarawa.

Mutane sukan ce: "Ta tsufa, ina amfanin yanka ta?" Amsar ita ce, ba karayar ce take kashe tsohuwa ba, kwanciyar ce. Wadda ta yi makonni a kan tabarma ba motsi, bayanta da ɗuwawunta suna yin gyambo. Majina tana taruwa a ƙirjinta ta zama ciwon huhu. Jini yana daskarewa a jijiyar ƙafa, gudan ya tafi huhu. Ko a ƙasashen da ake yin aikin da sauri, cikin tsofaffi 5 da suka karye a ƙugu, wajen 1 yana rasuwa kafin shekara ta zagayo. Inda ba a yi aikin ba, abin ya fi haka muni.

Aikin yana da tsada, wannan ba a ɓoye yake ba. Gida da yawa sai sun sayar da dabba ko dangi sun haɗa hannu. Idan likita ya ga jikinta ba zai ɗauki fiɗa ba, ko hali bai samu ba, to jinya a gida tana da ƙa'ida. A riƙa juya ta kowace awa 2. A sa mata shimfiɗa mai taushi, busasshiya. A jingina ta zaune da rana, ta riƙa jan numfashi mai zurfi, tana motsa yatsun ƙafa da idon sawu. A ba ta ruwa da abinci sosai. A duba fatar bayanta kullum. Wurin da ya yi ja ko ya yi duhu, gyambo ne ke shirin fitowa.

IDAN HANNU NE YA KARYE

Karayar wuyan hannu tana haɗuwa cikin wajen mako 6 in an daidaita ta an ɗaure. Hatsarin yana wurin ɗauri mai tsanani. Hannu yana kumbura a kwanakin farko. Idan ɗaurin ya matse, jini ba ya wucewa. Ku dubi yatsu. In sun yi sanyi, ko sun yi baƙi, ko sun mutu ba ta jin taɓi, ko zafin yana ƙaruwa maimakon raguwa, a sassauta ɗaurin nan take a tafi gidan likita. An sha yanke hannu saboda wannan.

Bayan hannun ya warke, magana ba ta ƙare ba. A koma wurin likita a ce mashi: "Daga tsaye kawai ta faɗi ta karye, a duba ƙarfin ƙashinta." Akwai na'ura ta musamman mai auna nauyin ƙashi, amma sai a manyan birane. Hoton ƙashi na kullum ba ya nuna zaizaya sai wajen kashi ɗaya cikin uku ya riga ya tafi. Duk da haka, idan mace ta wuce shekara 50 kuma ƙaramar faɗuwa ta karya mata ƙugu ko ƙashin baya, likita yana iya fara magani ko ba na'urar.

Ɗaya daga cikin magungunan sunansa alandironat. Aikinsa rage ƙarfin masu kankara. Yana rage lotsawar ƙashin baya da wajen rabi. Ƙwaya ɗaya ake sha a mako, da safe kafin a ci komi, da kofi cike da ruwa zalla. Bayan an sha, a zauna a miƙe ko a tsaya minti 30, ba kwanciya, ba cin abinci, don kada ya ƙona maƙoshi. Ana shan shi shekara 3 zuwa 5, sannan likita ya sake dubawa. Bai dace da mai ciwon ƙoda mai tsanani ba, ko mai wahalar haɗiya. Saboda haka ba maganin saye a tebur ba ne.

ƘWAYOYIN KASUWA DA ABINCIN GIDA

Tun da an ambaci tebur, akwai ƙwayoyin da ke cin ƙashi da sauri, kuma suna nan a kasuwanninmu. Sunayensu dekisametazon da firedinisolon. Mata suna shan su don su yi ƙiba, tsofaffi suna shan su don ciwon gwiwa. Zafin yana lafawa, fuska ta cika, mutum ya ga kamar ya samu lafiya. Amma suna kashe ƙarfin masu yaɓen ƙashi. Wata 3 ana sha kullum ya isa ya fara ɓarna. Wanda ya daɗe yana sha kada ya bari rana ɗaya, don yin haka yana iya kayar da shi. Ya kai kwalin ma likita, a rage mashi sannu sannu.

Game da abinci, tuwon hatsi da fura gaya ba su da kalsiyom mai yawa. Nono ne ke da shi. Lita ɗaya ta madara ko nono tana ɗauke da wajen abin da tsohuwa take bukata a yini guda. Ba kowa ke samun lita ba, amma ko kofi ɗaya ya biya kashi ɗaya cikin huɗu, in ba a cika shi da ruwa ba. Cuku ma haka. Sauran a nema a miyar kuka, da zogale, da riɗi, da ƙananan kifi da ake ci har ƙaya. A gidaje da yawa, in nono ya yi kaɗan tsohuwa ce take haƙura ta bar ma jikoki. A raba da ita. Ƴan mata ma a ba su, don su ne ke cika rumbunsu yanzu.

Jiki ba ya iya ɗaukar isasshen kalsiyom daga hanji sai da bitamin D, shi kuma fata ce take yin shi in rana ta taɓa ta. Rana ba ta yi mana kaɗan ba. Amma tsohuwar da aka bari cikin ɗaki, da matar da ba ta fita, suna iya rasa shi. Su riƙa zama a tsakar gida da hantsi na ɗan lokaci, rana tana taɓa hannuwa da ƙafafu. Tafiya da ƙananan aikace-aikace suna riƙe ƙashi, suna ƙarfafa cinyoyi. Kada a hana tsohuwa motsi don tausayi. Kaya mai nauyi a ka ne kawai za a ɗauke ma wadda bayanta ya fara ranƙwafawa. Sai dai a sani, abinci da rana suna rage gudun zaizaya ne, ba sa cike ƙashin da ya riga ya zama fanko.

Saura faɗuwar kanta. Yawancinta a cikin gida take faruwa, tsakanin ɗaki da makewayi, da dare ko da asuba. Yau in kun koma gida, ku bi wannan hanyar da idonku. A cire turke da igiya daga kanta. A zuba yashi ko tsakuwa inda ruwa ke kwanciya. In dokin ƙofa ya yi tsawo a rage shi. A kafa itace mai ƙarfi a makewayi wanda za ta kama in za ta tsuguna ko za ta tashi. A aje mata tocila da sanda kusa da shimfiɗa. In ta farka, ta zauna kaɗan kafin ta miƙe, don jiri yakan ɗebi tsofaffi, musamman masu shan maganin hawan jini. Idan kuma yana ta rufe mata ido, a kai ta wurin likitan ido, ana cire ta da ɗan ƙaramin aiki.